Takardar wankin tanki: yadda ake warware ta ta koma matakai, gargaɗi da takardar dubawa

*Assalamu alaikum, Malam. Ni ce mai kula da inganci a wani ƙaramin kamfanin ruwan leda a Dakace, Zariya. Maigidanmu ya ce in gyara takardun ƙa'idar aikinmu, wato SOP, su koma matakai masu lamba, da gargaɗi, da mai alhakin kowane aiki, da takardar dubawa. Ga abin da ta wankin tanki ta ce: "A riƙa wanke tankin ɗanyen ruwa a kai a kai. Bayan an zubar da ruwa an goge, a sa kulorin daidai gwargwado, a bar shi ya ɗan jima, a ɗauraye sosai kafin a ci gaba da aiki. A tabbatar an rufe bawul, kuma a kula da lafiya." Tankin na roba ne, lita 5,000, kuma muna da na'urar tace ruwa ta RO. Ta ina zan fara?*

Wa alaikumus salam, Malama. Ki ɗan ajiye kwamfuta tukuna. Ki buga sakin layin a takarda, ki samo biro kala huɗu, ki bi shi jimla bayan jimla. Duk abin da hannu ke yi ki ja masa layi da kala ɗaya, duk haɗarin da aka ambata da kala ta biyu, duk inda aka faɗi wanda zai yi aikin da ta uku, duk abin da ake aunawa ko rubutawa da ta huɗu. Kafin ki gama za ki ga biro ɗaya ne kawai ya yi aiki. Ayyuka akwai su: zubarwa, gogewa, sa kulorin, jira, ɗauraya, rufe bawul. Amma ba a ambaci haɗari ko ɗaya da sunansa ba, ba a ambaci mutum ba, ba a kuma kawo adadi ba. Ga shi rufe bawul, wanda ya kamata a yi tun kafin a taɓa komai, an jefo shi a jimlar ƙarshe.

Nan ne yawancin masu wannan aiki suke yin tuntuɓe. Sai su yayyanka sakin layin gida shida, su sa wa kowane guntu lamba, su kai wa maigida. A ido takardar ta yi kyau, amma yaron da zai hau tankin bai ƙaru da komai ba, domin har yanzu bai san giram nawa ne "daidai gwargwado" ba, bai san awa nawa ne "ya ɗan jima" ba. Wasu kuma, don takardar ta cika, sai su ƙago adadi da kansu su cike gurbin. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa, kuma ya fi na farko muni, saboda adadin da aka buga a takarda mai hatimin kamfani ba wanda zai sake tambayar daga ina ya fito.

Saboda haka ki fitar da guraben a wata takarda dabam: yaushe ake wankin, kulorin iri wane kuma nawa, jiran awa nawa, ta yaya za a gane ɗauraya ta isa, bawul wane, wa ke yin me. Amsar kowanne tana ɗaya daga wuri uku. Ko dai a hannun wanda yake yin aikin yanzu, ko a littafin kamfanin da ya ƙera na'urar, ko a wata jagora da aka sani. Duk adadin da kika shigar wanda babu shi a tsohuwar takarda, kin canza ƙa'idar aiki ke nan, ba gyaran fasali kawai kika yi ba, don haka sai manajan sarrafawa ya gani ya sa hannu.

Ki fara da wanda yake yin aikin. Ranar da za a yi wankin ki tsaya a gindin tankin da takarda, ki rubuta abin da ofareta yake yi a jere yadda yake yinsa, kada ki gyara masa a lokacin sai in kin ga zai cutu. Za ki tarar yana yin abubuwan da ba sa cikin takarda, kamar kashe famfon da ke jan ruwa zuwa matata, kuma za ki ga yana tsallake wasu. Galibi da gwangwanin tumatir ko marfin jarka ake awon garin kulorin, jiran kuma yakan ƙare ne a lokacin da masu babur mai ƙafa uku suka fara taruwa a bakin ƙofa suna jiran lodi. A ranar ne kuma za ki sa wa bawul-bawul suna. Ki rubuta da fenti a jikin bututu: B1 ga wanda ke shigo da ruwa daga bohol, B2 ga wanda ke fita zuwa matatar yashi da ta gawayi da RO, B3 ga na zubarwa. Muddin bawul ba shi da suna a jikinsa, duk matakin da ya ce a rufe shi sai ya bar wa mai karatu cinke.

Adadin kuwa ba sai kin wahala ba. Jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya kan tsabtace tankunan ruwa ta ce a zuba ruwa kwata ɗin tanki, a sa giram 80 na garin kulorin mai ƙarfi, wanda ake sayarwa da sunan HTH, ga kowace lita 1,000 ta girman tankin, a cika shi, a rufe, a bar shi awa 24. In ana gaggawa, a ninka garin a rage jiran zuwa awa 8. Tankinku lita 5,000 ne, ke nan giram 400, kwatansa kuma lita 1,250. Garin da ƙarfinsa ya kai kashi 65 cikin 100 zai ba ki kusan miligiram 52 na kulorin a kowace lita. Ki duba ƙarfin da aka rubuta a jikin robar da kuke saya, domin in ruwan bilic kuke amfani da shi lissafin ya canza gaba ɗaya. A cikin matakan ki rubuta giram 400 kai tsaye. Kada ki rubuta giram 80 a kowace lita 1,000 ki bar wa mai aiki ninkawa a tsakiyar rana. Lissafin ya zauna a shafin baya don masu bincike, kuma in kuna da wani tankin mai girma dabam, a yi masa nasa layin da nasa adadin.

Batun "a kai a kai" ke da manaja za ku yanke, amma ku yanke shi da rana: misali Asabar ta farko a kowane wata, da kuma duk lokacin da aka gyara bohol ko sakamakon ɗakin gwaji ya fito ba daidai ba.

Yanzu sai matakan. Kowane mataki aiki ɗaya, ya fara da umarni kai tsaye, ya ƙare da alamar da mutum zai gani ya san ya gama. "Rufe B2" umarni ne, amma "Rufe B2 har hannunsa ya gitta bututu" ya ba shi abin dubawa. Tsohuwar takardarku gaba ɗaya an rubuta ta ne da "a wanke, a sa, a tabbatar", kuma wannan salon yana ɓoye mai aikin. Ranar da abu ya lalace kowa zai ce ya zaci wani ya yi. Don haka ki sa matsayin mai aikin a farkon kowane layi. Matakai bakwai na farko za su ɗauki kashe famfon matata, rufe B2, kulle shi, rufe B1, zubar da ruwa ta B3, gogewa da burushi mai dogon hannu, da ɗauraye sabulu har kumfa ta ƙare. Ga yadda tsakiyar za ta fito:

8. Ofareta: Rufe B3 har hannunsa ya gitta bututu.
9. Ofareta: Buɗe B1 har ruwa ya kai layin lita 1,250, sannan ka rufe shi.

HAƊARI: Garin kulorin in ya haɗu da asid yana fitar da iska mai guba, in ya haɗu da man dizal ko giris yana iya kama wuta. Yi amfani da jan bokitin roba da aka ware masa kaɗai. Sa safar hannu ta roba, tabarau da takunkumi kafin ka buɗe robar.

10. Jami'in inganci: Auna giram 400 na HTH a sikeli, rubuta nauyin a takardar dubawa.
11. Ofareta: Zuba lita 20 na ruwa a bokiti, sannan ka zuba garin a cikin ruwan. Juya da sandar roba har ya narke.
12. Ofareta: Juye bokitin a tanki, fuska a gefe.
13. Ofareta: Buɗe B1 har tanki ya cika, sannan ka rufe shi.
14. Ofareta: Rufe murfin tanki.
15. Jami'in inganci: Rubuta lokacin farawa da lokacin da awa 24 za ta cika, a takardar dubawa da kuma a jan katin da ke rataye a B2.

Ki lura mataki na 9 da na 13 kowanne yana da buɗewa da rufewa a layi ɗaya. Na bar su haka da gangan, domin mutum yana tsaye a wurin hannunsa na kan bawul, aiki ɗaya ne a wurinsa. Da na raba su, da takardar ta yi tsawo ba amfani. Amma na raba na 14 daga na 13, saboda rufe murfi sai an hau sama, kuma shi ne abin da aka fi mantawa. Ma'aunin shi ne: in mutum zai iya yin rabin layi ya tafi ya manta da ɗaya rabin, to raba shi.

Inda aiki ya rabu biyu, sharaɗi ya zo a gaba, umarni ya biyo. Ki rubuta "In ruwan gwaji ya nuna launi, koma mataki na 17", kada ki rubuta "Koma mataki na 17 in ya nuna launi". Mai aiki yana karantawa ne yana aikatawa, sau da yawa ƙafarsa ta riga ta motsa kafin ido ya kai ƙarshen jimla.

Wannan dalilin ne ya sa gargaɗi yake zuwa kafin matakin da ya shafa, a shafi ɗaya da shi. Gargaɗin da aka sa a ƙasan mataki ihu ne bayan hari. Wanda aka tara a shafin farko ƙarƙashin kan magana "matakan kariya" kuwa, ana karanta shi ne ranar farko kawai. Gargaɗi mai amfani yana faɗin abu uku: mene ne haɗarin, me zai faru, me za a yi a kauce masa. "A kula da lafiya" bai faɗi ko ɗaya ba. Na ambaci asid da dizal ne da sunansu saboda a irin kamfanoninku asid ɗin wanke RO da jarkokin man janareta sukan kwana a sito ɗaya da robar kulorin, kuma bokiti ɗaya yakan yi yawo tsakaninsu.

Kada kuma ki ɓoye aiki a cikin gargaɗi. In kulle B2 wajibi ne, to mataki ne mai lambarsa. Gargaɗi yana bayyana dalili ne kawai, kuma mai bin lambobi da yatsa yana iya tsallake akwatin da ba lamba.

Ki kuma bambanta nauyinsu. Tsarin alamomin kariya na Amurka, ANSI Z535, ya kasa su hawa-hawa: abin da zai kashe ko ya yi mummunan rauni tabbas, abin da zai iya yin haka, abin da zai iya jawo ƙaramin rauni, sai abin da ya shafi ɓarnar kaya ba jikin mutum ba. Ba dole ne ki ɗauki hawa huɗun ba. Ga ƙaramin kamfani biyu sun isa, HAƊARI ga abin da ya shafi jikin mutum, LURA ga abin da ya shafi na'ura da ruwan da za a sayar, muddin kin tsaya a kansu a duk takardunku. A takardar nan ina ganin gargaɗi huɗu ne suka cancanta. Na garin kulorin da na nuna. Na shiga tanki, kafin matakin gogewa, cewa ba mai shiga ciki ko zura kai, domin rufaffen wuri ne kuma iskarsa takan ƙare wa mutum ba tare da ya ankara ba. Na zubar da ruwan, cewa kada a sake shi inda zai gangara kududdufin kifi ko lambun maƙwabta, saboda kulorin mai wannan ƙarfi yana kashe kifi yana ƙona shuka. Sai na RO. In kika wuce haka, kowane layi ya sami jan akwati, ido zai daina ganinsu duka.

Na RO ɗin shi ne mai cin kuɗi, kuma shi ne zai nuna miki dalilin da ya sa batun mai alhaki ya fi ƙarfin sa sunaye a tebur. Tantanin da ke cikin yawancin na'urorin RO ba ya jure kulorin. Masu ƙera shi sukan ce kada kulorin da ke isa gare shi ya kai miligiram 0.1 a lita, ke kuma kin cika tanki da mai ƙarfin 52. Matatar gawayi da ke gabansa an sa ta ne ta tare ɗan kaɗan, ba a auna ta don wannan ba. In tantanin ya ƙone ba ya gyaruwa, kuma ba a ranar za ki gani ba. Alamarsa ita ce ruwan da ke fita daga RO ya ƙaru fiye da yadda aka saba, adadin da mitar TDS mai auna gishirin da ya narke a ruwa ke nunawa kuma ya riƙa hawa. Ofareta ma yakan yi murna da farko, ya ce injin ya sake jiki.

To ki duba yadda awa 24 take faɗawa. An sa kulorin ƙarfe goma na safiyar Asabar, jiran zai ƙare goma na safiyar Lahadi. A tsakani masu aikin rana sun tashi, na dare sun karɓa. A watan Afrilu, ana tsananin zafi a Zariya, dillalai daga Sabon Gari da Tudun Wada suna ta kiran waya, mai aikin dare ya zo ya tarar da tanki cike fal da bawul a rufe. Ba mugunta zai yi ba in ya buɗe, aikinsa ne ya samar da ruwa. Takardar da ke cikin fayil a ofis ba za ta hana shi ba. Abin da zai hana shi shi ne kwaɗo a jikin B2, da jan kati mai ɗauke da lokacin buɗewa, da makulli a hannun mutum ɗaya. In hannun bawul ɗin na roba ne ba ya karɓar kwaɗo, a zare hannun a ajiye shi wurin mai makulli. Shi ya sa mataki na 3 yake na jami'in inganci, kuma buɗe B2 a ƙarshe ma nasa ne, ko da yake ofareta ya fi shi sanin bawul ɗin. Ki kuma ƙara mataki na miƙa aiki: shugaban masu aikin rana ya kai na dare gindin tankin ya nuna masa katin, su biyun su sa hannu.

Sauran ƙa'idojin wannan ɓangare gajeru ne. A rubuta matsayi, kada a rubuta sunan mutum, domin mutane suna barin aiki. Kowane mataki mai shi ɗaya ne. In kika rubuta "ofareta da mataimakinsa", kowannensu zai jingina da ɗan'uwansa. Wanda ya yi aiki ba shi ne zai tabbatar da shi ba a wuraren da kuskure ke da tsada. Kuma tunda ke ce mai riƙe makulli, ki rubuta wanda zai tsaya a madadinki ranar da ba kya nan, in ba haka ba ranar za a fasa kwaɗon, daga nan kuma ba wanda zai sake girmama shi.

"A ɗauraye sosai" shi ma sai ya koma abin aunawa. Bayan an zubar da ruwan kulorin a mataki na 16, mataki na 17 shi ne a cika tankin da sabon ruwa, a bar shi minti 30, a zubar, sannan a sake cikawa a ɗebi na gwaji. Jagorar da na ambata ta yarda da miligiram 0.5 a lita ko ƙasa da haka, amma wannan na ruwan da za a sha ne kai tsaye. Ku RO ne a gabanku, don haka iyakar da ke littafin na'urarku ita za ki rubuta, wanda a aikace yana nufin ƙwayar gwajin kulorin ta DPD kada ta nuna ruwan hoda ko kaɗan. Akwai tarko a nan da ya kamata a rubuta shi a cikin matakin gwajin. In kulorin ya yi yawa ƙwarai, launin yakan bayyana ya ɓace nan take, ruwan ya koma garau kamar babu komai. Wanda ya jefa ƙwayar ya juya yana magana da wani, in ya waiwayo zai rubuta sifili. Maganinsa, a zuba ido a kwalbar tun lokacin da ƙwayar ta faɗa, kuma in ruwan yana warin kulorin amma gwaji ya ce babu, a gauraya kashi ɗaya da kashi tara na ruwan da ba kulorin a sake gwadawa. In launi ya fito a karo na biyu, a koma ɗauraya.

Sai takardar dubawa. Abin da aka fi yi shi ne a kwafe matakan duka a sa wa kowanne akwati. Matakai ashirin da wani abu, akwatuna ashirin da wani abu, kuma ƙarshenta mutum ɗaya zai zauna a kan benci bayan an gama ya bi su da biro daga sama zuwa ƙasa. Ba don haka aka ƙirƙiro ta ba. A 1935 wani sabon jirgin kamfanin Boeing, samfurin 299, ya faɗi yana tashi a jihar Ohayo ta Amurka, ba don matuƙan ba su iya tuƙi ba, sai don an manta a saki makullin da ke riƙe fikafikan sarrafa jirgin. Daga nan aka fara ba matuƙa gajeren jerin abubuwan da mantuwarsu ke kashewa, kuma duk wanda ya san ɗalibi a kwalejin tuƙin jirgin sama da ke nan Zariya ya ji yadda ake horar da su a kan haka. Ta ɗakin tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 abubuwa 19 ne kacal, an raba su wuri uku da ake dakatawa: kafin a sa wa majinyaci maganin barci, kafin a yanka, da kafin a fitar da shi.

Abin ɗauka a nan shi ne wurin dakatawa. Ki tambayi kanki a ina ne in aka wuce ba a iya dawowa. A wankin tankinku wuri biyu ne. Kafin a juye kulorin a tanki: famfon matata a kashe yake, B2 a kulle da kati, B3 a rufe, ba kumfar sabulu, kayan kariya a jiki, nauyin gari giram kaza. Kafin a buɗe B2: lokacin farawa, lokacin zubarwa, sau nawa aka ɗauraye, sakamakon gwaji, murfi a rufe, sa hannun ofareta da na jami'in inganci. Layi goma sha biyu ne ko kusa, a shafi ɗaya, kuma ana cike kowane kashi ne a tsaye a wurin, ɗaya yana karantawa ɗaya yana dubawa yana amsawa.

Duk inda za ki iya neman adadi, kada ki nemi alamar biro. Akwatin "an jira awa 24" kowa zai iya yi masa maki. Amma in an rubuta 10:05 na Asabar da 7:30 na Lahadi, ke da kanki za ki ƙirga ki ga awa 21 da minti 25 ne. Ta nan ne kuma za ki gane takardar da ake cikewa a ofis: wata shida nauyi giram 400 cif ba ko da 398, duk lokutan sun faɗa a kan cikakkiyar awa, biro ɗaya da rubutun hannu ɗaya ga mutum biyu, takardar kuma tsaf ba ɗigon ruwa ko ɗaya alhali a gindin tanki aka ce an cike ta. Ki bar layin "abin da ya saɓa" a ƙasa. Takardar da ba a taɓa rubuta komai a wannan layin ba, ni ban cika yarda da ita ba.

Kafin a sa hannu, ki gwada daftarin da wanda bai taɓa yin aikin ba, ko ɗaya daga cikin masu ɗura leda a jaka. Ki ba shi takardar, ku je tankin ba tare da kulorin ba, ya karanta yana nuna abin da zai taɓa, ke kuma ki yi shiru. Duk inda ya tsaya, ko ya ɗago ya dube ki, ko ya kama bawul ɗin da ba shi ba, ki sa alama a wannan layin ki gyara shi. Kada ki yi masa bayani da baki, domin ranar aikin ba kya tsaye a bayansa. Tsohon ofareta ba zai yi miki wannan amfanin ba, shi kansa yana cike guraben tun kafin ya gan su.

Tunda jami'an NAFDAC da Turanci za su karanta, ma'aikatanku kuma da yawa Hausa ta fi musu sauƙi, ki yi kwafi biyu masu lambobin mataki iri ɗaya, ki rubuta a jiki wanne ne na asali, kuma duk gyara ya shiga biyun a rana ɗaya. A saman kowane shafi a sami lambar takarda, bugu na nawa, ranar da ya fara aiki, da shafi na nawa cikin nawa. In kin ƙara mataki a tsakiya, lambobi za su gusa, don haka ki bi duk inda aka ce "koma mataki na kaza" ki daidaita, har da na takardar dubawa. Ranar da sabon bugu ya fara aiki ki zagaya da kanki ki cire tsoffin daga bango da aljihun tebur, ki ajiye guda ɗaya a fayil da rubutun an soke, ki liƙa sabon a cikin leda mai kauri kusa da tankin inda ruwa ba ya fantsama. Sauran takardun, irin na wanke matatar yashi da canza fitilar UV, ki bi su ɗaya bayan ɗaya, ki fara da wadda kuskurenta zai fi saurin isa cikin ledar da mutane za su sha.